Kyamarar da ke Gadin Mota da Dare da Batirin da Ya Ƙi Tayar da Ita da Safe: Nazarin Lamarin Wani Ma'aikaci a Kano

Asalin lamarin (Oktoba)

Mutumin ma'aikaci ne a Kano, yana da Toyota Corolla ƙirar 2010, mai giya otomatik, 'yar Kwatano. Gidan da yake haya ba shi da gareji, don haka motar a bakin layi take kwana. Wata safiya ya fito ya tarar an karce mata ƙofar baya tun daga marfin tanki har zuwa hannun ƙofa, kuma duk wanda aka tambaya a layin sai ya ce bai gani ba. Abin da ya sa ya sayi kyamarar mota mai ido biyu ke nan, ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a na baya.

Ya cusa wayarta a soket ɗin laita, ta kama aiki lafiya lau. Sai dai a irin wannan motar, da an kashe makulli wutar soket ɗin ke ɗaukewa, kyamarar ma ta mutu. Tana ɗaukar hanya yana tuƙi, amma daren da aka saye ta dominsa ba ta ganin komai.

Abubuwa uku game da motar da zirga-zirgarta su ne za su yi ta dawowa a wannan labari. Batirin da ke ciki an rubuta 60Ah a jikinsa, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa in an lissafa amfiya sau awa, kuma ya haura shekara biyu yana shan zafin Kano. Tafiyar mutumin daga gida zuwa ofis ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba, haka ma dawowa, yawancinta a gosulo da esi a kunne. Sannan daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin sau da yawa motar ba ta motsawa ko nan da can.

Gwaji na farko: jonawa kai tsaye (Nuwamba)

Ya kai motar wurin wani mai wayarin ya ce yana so kyamara ta riƙa aiki ko an kashe mota. Aikin bai ɗauki rabin awa ba. Yaron ya yanke kan cajar, ya nemo wayar da ke da wuta kullum a bayan rediyo, ya fere ta ya naɗa, ya liƙe da salatif. Kyamara ta kama, aka kashe mota ba ta mutu ba, kowa ya yi murna.

Kwanakin aiki motar ta riƙa tashi, ko da yake zuwa Alhamis kik ɗin ya fara jan ƙafa kafin inji ya kama. Ranar Litinin ta farko kuwa ya murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suna dusashewa. Otomatik ba a tura ta ta tashi, sai da maƙwabci ya matso da tasa motar aka jona batir da batir.

Lissafin abin da ya faru ba shi da wuya. Kyamarar mai ido biyu tana jan kusan amfiya 0.3 daga batir. Ita kanta motar, ko ba a jona mata komai ba, tana jan kamar amfiya 0.03 don agogo da na'urar rimot da kwamfutar inji. Wannan ba laifi ba ne, duk motar zamani tana yi. A haɗe amfiya 0.33 ke nan. Daga ƙarfe 5 na yammacin Juma'a zuwa 7 na safiyar Litinin awa 62 ne, wato an zuƙe sama da 20Ah. A takarda sulusin batir ne kawai. Amma 60Ah ɗin nan ƙarfin batir ne ranar da yake sabo kuma cike. Wanda ya shekara biyu a garin da zafi ke kaiwa digiri 40 ya riga ya rasa kaso mai yawa, kuma tun ranar Juma'ar bai shiga hutun a cike ba.

Aka kai shi wurin mai cajin batir ya kwana, aka mayar. Mako biyu bayan nan abin ya maimaita kansa. Batirin mota irin na gubar dalma da ruwan asid an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku sannan a cika shi nan take. Duk lokacin da aka tatse shi ƙarƙaf ya kwana a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, kuma ba duka ne caji ke narkarwa ba. Sauka biyun nan sun rage masa kwana.

Gwaji na biyu: waya mai ƙafa uku (Disamba)

Wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai wayar da ake sayarwa musamman don wannan aiki, mai ɗan akwati a tsakiya da ke yanke wa kyamara wuta idan batir ya sauka. Ya saya. Tana da ƙafa uku, kowace da 'yar takarda a jikinta: `BATT` wadda ake kai wa inda wuta take kullum, `ACC` wadda ake kai wa inda wuta ke zuwa sai an murɗa makulli, da `GND`, baƙar, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Ta ƙafar `ACC` ɗin ce kyamara ke gane an kashe inji, sai ta koma abin da ke rubuce a allonta `Parking Mode`. A gefen akwatin akwai ɗan maɓalli mai matsayi huɗu: 11.8, 12.0, 12.2 da 12.4.

Mai wayarin ɗin bai duba takardun ba, launi ya bi. A wayar rediyon mota an saba rawaya ce ta batir, ja ce ta makulli, kuma wasu kamfanonin kyamara haka suke yi. Wasu kuma sun juya abin, ja ce ta batir. Wannan ta nau'i na biyu ce. Sakamakon haka da an kashe mota kyamara ta mutu, kamar dai lokacin soket. Da mai motar ya koma, yaron ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya kai su wuta ta kullum. Yanzu kyamara ba ta mutuwa, amma ba ta taɓa sanin an yi fakin ba: allonta a kunne, tana ɗauka gadan-gadan kamar ana kan titi, kuma kafin safiya ta cika memori ta fara goge na jiya.

Sai a karo na uku aka karanta takardun aka mayar da kowace ƙafa mazauninta. Da aka zo kan maɓallin, mai motar da kansa ya zaɓi 11.8, domin yana so ta daɗe tana ɗauka.

Kusan mako uku komai ya tafi daidai a zahiri. Akwai alama guda da bai kula da ita ba sai daga baya: in ya duba fayil na ƙarshe da aka ɗauka da dare, lokacinsa kullum matsowa yake yi. Da farko har asuba, sannan ƙarfe 3, sannan ƙarfe 1.

Safiyar hunturu (farkon Janairu)

Ranar da sanyi ya sauka sosai, motar ta sake ƙin tashi, alhali akwatin ya yi aikinsa, ya yanke tun tsakar dare. Wannan ne ya fi ɗaure masa kai, har ya ɗauka jabu aka sayar masa.

Akwatin lafiyarsa ƙalau. Batir mai lafiya idan ya cika ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. A 12.4 saura kusan kashi uku cikin huɗu, a 12.2 kusan rabi, a 12.0 abin da ya saura kaɗan ne, a 11.8 kuwa kusan wayam ne. Duk tazarar da ke tsakanin cike da fanko ba ta kai bolt ɗaya ba, shi ya sa lambobin nan huɗu suke yaudarar ido: mutum ya ga 11.8 da 12.4 ya ce ai kusan ɗaya ne. Wanda ya zaɓi 11.8 ya ba kyamara izinin ta sha har gindi sannan ta tsaya. Bayan ta tsaya kuma motar na ci gaba da jan nata ɗan kason har safiya. Ga sanyi, wanda ke rage kuzarin batir ya kuma sa man inji ya yi kauri, kik ya nemi wuta fiye da kullum.

Awo (tsakiyar Janairu)

A nan ne ya canja hannu, ya je wurin wani dattijon mai wayarin wanda ya ƙi taɓa ko waya ɗaya sai da ya ɗauko mita.

"Alhaji, ka cire kyamarar yau, ka bar motar ta kwana a nan. Gobe da safe kafin a murɗa makulli za mu ji abin da batirin zai faɗa."

"Baba, ai jiya-jiyan nan aka yi masa caji."

"Shi ya sa. Wanda aka sauke daga caji yanzu ƙarya yake yi, sai ya kwana."

Da safe aka yi awo huɗu. Na farko, a kan kawunan batir, mota a kashe: bolt 12.1, bayan caji kwana biyu da suka wuce kuma babu kyamara. Na biyu, yaro ya murɗa makulli dattijon na kallon mita: lambar ta faɗi zuwa 9.0 kafin inji ya kama. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada ta sauka ƙasa da 9.6. Na uku, inji na aiki: 14.1, wanda ke cikin 13.8 zuwa 14.4 da ake tsammani, don haka altaneta, wadda ke cajin batir in inji na aiki, ba ta da laifi.

Na huɗu shi ne na sata, wato neman abin da ke jan wuta a ɓoye. Ya kwance wayar nagetif daga kan batir, ya mayar da mita ramin `10A`, ya sa ƙafa ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ya kwance, yadda duk wutar da motar ke ja sai ta ratsa ta mitar. Ya rufe ƙofofi, ya zare makulli ya sa a aljihunsa, domin in wani ya murɗa kik a wannan hali mitar ce za ta ƙone. Da farko lambar ta yi sama, ya ce a jira kwamfutocin motar su yi barci. Bayan kamar rabin awa ta zauna a 0.03. Ya jona kyamara, ta koma 0.33. Motar ba ta da ɓarawon wuta in ban da wanda aka kawo mata.

Daga nan ya kwance duk naɗe-naɗen da aka yi a bayan rediyo. Ɗaya daga cikinsu salatif ɗin ya riga ya saki saboda zafi, tagullar a waje, tazarar ɗan yatsa tsakaninta da ƙarfe, kuma babu wani ƙaramin fiyus da ke kare siririyar wayar kyamarar. Ya koma akwatin fiyus da ke ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, ya kwanta rigingine da tocila a baki. Da mita ya bi fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya, makulli a kashe sannan a kunne. Ya ɗauki `CIG`, na soket ɗin laita, don ƙafar `ACC`, ya ɗauki na makullin ƙofofi don `BATT` bayan ya tabbatar yana da wuta ko makulli na waje. Bai kusanci na birki da na jakar iska da na kwamfutar inji ba. Ya ce waɗannan ba a yi musu kishiya.

Ya yi amfani da 'yar mahaɗar nan mai ramin fiyus biyu da jelar waya. Ana zare fiyus na asali a sa shi a ramin ƙasa, a sa sabo ƙarami, amfiya 3 ko 5, a ramin sama don kyamara, sannan a cusa mahaɗar inda aka zare na asalin. Tana da gaba da baya: ƙafar da ke nesa da jelar ita ake kai wa ɓangaren da wuta ke shigowa, wanda mita ke nunawa idan an zare fiyus. Dole kuma girman ya dace, domin fiyus ɗin wannan Corolla gajeru ne masu guntun ƙafa, mahaɗar da ba tasu ba ba ta zama daram. Baƙar wayar ya ɗaure ta a wani kusa da ke shiga ƙarfen jikin mota, ya kankare fentin wurin. Wayar da ke hawa ginshiƙin gilashi kuma ya bi da ita ta bayan jakar iskar gefe, ba ta gabanta ba.

Ya tura maɓallin zuwa 12.4. A daren farko kyamara ta yanke kafin awa ɗaya. Motar ta tashi da safe, amma babu abin da aka ɗauka. Tsohon batirin ba ya iya riƙe 12.4 ko na ɗan lokaci, kuma wannan ya gama tabbatar da abin da awon ya nuna.

Sabon batir, da matsalar da ta rage (Fabrairu)

Ya sayi sabon batir 60Ah, aka cika shi a caja kafin a ɗora, ya kwana ya nuna 12.7. A ƙarshen makon farko kyamara ta yi sama da yini da kwana tana ɗauka kafin akwatin ya yanke, kuma ranar Litinin mota ta tashi bugu ɗaya. Ya ɗauka an gama.

Bayan mako biyu sai tsohuwar alamar ta dawo. Mota na tashi kullum, wannan kam an warware shi, amma fayil na ƙarshe ya koma tsayawa wajen ƙarfe 10 zuwa 11 na dare. Lokacin da layi ke yin tsit, wanda shi ne ake tsoro, kyamara ta riga ta kwanta.

Dattijon ya ɗauki biro ya yi lissafin a bayan kwalin fiyus. Motar tana tsaye sama da awa 22 a kowace rana, takwas a ofis, sauran a gida. In kyamara za ta yi aiki duk tsawon wannan, ana buƙatar sama da 7Ah kullum. Abin da ke komawa kuwa na tafiyar minti 35 ne. Altaneta tana iya ba da wuta mai yawa, amma batir ba ya karɓa yadda aka ga dama: yana sha da sauri a mintunan farko, sannan ya riƙa ragewa yayin da yake kusantar cika, ga esi da fanka suna cin nasu a gosulo. Ya ƙiyasta abin da ke komawa a 4 zuwa 5Ah. Kamar ɗan albashi ne da kashewarsa ta fi samunsa: ajiyar da sabon batir ya zo da ita ta rufe giɓin na 'yan kwanaki, da ta ƙare sai aka koma cin abin da ya shigo a ranar kawai. In an cire kason motar, kusan 0.7Ah, abin da ya saura na kyamara bai wuce na awa 11 zuwa 14 ba. Takwas daga ciki ana ƙone su a harabar ofis, inda akwai maigadi a bakin get.

Gyaran ƙarshe (ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu)

Babu abin da aka ƙara saya. In ya isa ofis sai ya zare wayar daga jikin kyamara, in zai taso ya mayar. A cikin saitin ya kashe `Wi-Fi`, ya sa allon ya riƙa mutuwa da kansa, ya zaɓi `Time-lapse`, mai ɗaukar hoto ɗaya a daƙiƙa. Wannan ya taimaki memori ƙwarai, amma wutar kaɗan ya rage, daga 0.3 zuwa kusan 0.25, domin idon kyamarar da ƙwaƙwalwarta a farke suke ko da hoton da ake ajiyewa kaɗan ne. Haka abin yake ga tsarin da ke jiran motsi kafin ya ɗauka: sai yana kallo zai san an motsa. Sannan ya sa mata iyakar lokaci ta awa 12, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe.

Lissafin ya koma haka: awa 12 a kan 0.25 ya ba da 3Ah, a haɗa da 0.7 na motar, bai kai 4 ba. Abin da ke fita ya yi ƙasa da abin da ke shiga. Ranar Asabar kuma ya mayar da ita ranar fita mai ɗan nisa, ziyara ko cefane, aƙalla awa guda a kan buɗaɗɗen titi, don batir ya samu ya cika sosai ko sau ɗaya a mako. Kunna inji a bar shi yana gurnani a ƙofar gida na minti goma ba ya yin wannan aikin.

An yi maganar batiri na musamman da ake sa wa kyamara ita kaɗai a ƙarƙashin kujera, wanda ke caji in ana tafiya kuma ba ya taɓa batirin mota in an tsaya. Masu ɗaukar kusan 96Wh suna riƙe irin wannan kyamara fiye da yini da kwana. Bai saya ba, saboda tsada, kuma cikarsa na neman tafiyar kusan awa guda, wadda ba ya yi a kwanakin aiki.

Zuwa Afrilu, awon safe yana nuna 12.4 zuwa 12.5, lokacin kik lambar ba ta sauka ƙasa da 10.5, fayil na ƙarshe kuma yana kaiwa ƙarfe 6. Zare wayar a ofis ya zo da wani amfani: rana ɗaya da ya manta ya bar ta, zafin cikin motar ya sa kyamarar ta kashe kanta tun kafin azahar, wato ko an bar ta ba za ta yi gadin rana a bazara ba. Har ƙarshen Mayu motar ba ta sake ƙin tashi ba.

Hukunci

Jonawar farko ita ce ta fi muni, kuma mutuwar batir ce ƙaramar illarta. Wayar da aka fere babu fiyus gobara take jira. Kuskuren launin waya na ɗan lokaci ne, karanta takarda ya raba shi. Zaɓin 11.8 ne ya ƙarasa tsohon batirin, duk da cewa da ma ya kusa. A ganina, motar da ke gajeriyar tafiya a gari ba ta da abin yi da 11.8 ko 12.0. A tsaya a 12.4, in batir sabo ne kuma ana doguwar tafiya kullum a iya sauka 12.2. Ya kamata a san kuma akwatin yana auna wuta ne a wurin fiyus, inda takan ɗan gaza ta kan batir, kuma awonsa na iya kaucewa da 0.1 ko fiye, don haka a gwada da mita a ga inda yake yankewa a gaskiya.

Abin da ya fi cin lokaci kafin a gane shi ne cewa akwatin yankewa tashin mota kawai yake karewa. Yawan awannin da kyamara za ta yi kuwa tafiyar ranar ce ke yanke shi, kuma da an yi awon nan huɗu da lissafin bayan kwali tun a Nuwamba, da wataƙila tsohon batirin ya ƙara watanni.

Giɓi ɗaya ya rage. Iyakar awa 12 tana sake ƙirga ne sai an kunna mota an kashe, don haka in ta yini a tsaye ranar Lahadi, daren Lahadin babu gadi. Ya amince da hakan. In kuma zai yi tafiyar da za ta wuce kwana uku ya bar motar, zare wayar yake yi gaba ɗaya ya kai ta gidan yayansa mai get.